Buhu Arba'in Masu Shuɗin Fenti: Nazarin Wani Kuskuren Lissafi a Kasuwar Mil 12

Kasuwar Mil 12 da ke gefen titin Ikorodu, a ƙaramar hukumar Kosofe ta jihar Legas, ita ce babbar matattarar kayan gwari da ake saukowa da su daga Arewa, kuma mafi yawan masu albasar da ake sayarwa a cikinta ba sa biyo kayansu. Mutum zai yi lodi a Aliero ta jihar Kebbi, motar ta biyo ta Jega da Yawuri da Kontagora da Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Ilori da Ogbomosho da Ibadan har ta iso Ikko, shi kuwa yana zaune a gida yana jiran waya. Dillalin da ya karɓi kayan shi ne idonsa kuma shi ne hannunsa, littafin malamin lissafin rumfa kuwa shi ne kaɗai hujjar abin da ya faru da kowane buhu. Lamarin da za a bayyana a nan ya faru ne a ɗaya daga cikin irin waɗannan rumfuna. An sakaya sunayen mutanen, an kuma daidaita alƙaluman yadda za su yi sauƙin bi, amma yadda kuskuren ya shigo da yadda aka bi da shi suna nan yadda suke.

Tirelar ta zo da buhu 300 na mutum uku. Kamar yadda aka saba idan an haɗa kaya a mota ɗaya, kowa ya yi wa buhunansa shaida da fenti: wani babban Alhaji da ya daɗe yana aiko wa rumfar kaya yana da buhu 140 masu jan fenti, wani yana da 100 masu baƙin fenti, sai wani malami mai ƙaramin jari da ke da 60 masu shuɗi. An sauke kayan cikin dare, 'yan dako suka jera su layi-layi, ja a gaba ta bakin hanya, baƙi a tsakiya, shuɗi a baya. Ranar Litinin aka sayar da buhu 160, wato ja 70, baƙi 70, shuɗi 20. Ranar Talata aka sayar da 100. Ranar Laraba sababbin motoci suka shigo, kasuwa ta faɗi, aka sallamar da ragowar buhu 40 a kan naira 43,000 kowanne. Ranar Alhamis malamin lissafi ya fitar wa kowa takardarsa, ya cire kuɗin mota da na sauke da la'ada da kuɗin kasuwa, waɗanda suka tashi naira 8,000 a kan kowane buhu, maigidan rumfa ya duba ya amince, aka tura wa kowa kuɗinsa ta banki. Masu kaya suka yi waya suka ce sun ga alat, suka yi godiya, aka ja layi a ƙarƙashin shafin.

Yadda kuskuren ya shiga

Da safiyar Talata yaron rumfa ya lura cewa rana na dukan buhunan gaba, kuma wasu daga cikin jan sun fara laushi, sai ya sa 'yan dako suka mayar da su inuwa, suka turo masu shuɗi gaba domin sun fi bushewa, za su kuma fi jan idon mai saye. Abin da ya yi daidai ne ta fuskar kula da kaya, sai dai bai gaya wa kowa ba. Bayan sallar Azahar, lokacin da malamin lissafi ke zaune a cikin rumfa yana tantance kuɗin da masu saye suka turo, yaron ya leƙo ya ce buhu arba'in sun fita daga layin gaba. Malamin bai tashi ya duba ba, domin a saninsa layin gaba na ja ne, sai ya rubuta arba'in ɗin a shafin babban Alhaji. Da wannan rubutu littafi ya nuna cewa ja ya ƙare, tunda an riga an sayar da wasu 30 da safe, baƙi ma ya ƙare, abin da ya rage a ƙasa shi ne shuɗi 40.

Kuskure na biyu na farkon ne ya haife shi, kuma nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai. Ranar Laraba da aka sayar da ragowar kayan, malamin bai tambayi fentin da ke jikinsu ba, domin littafi ya riga ya ba shi amsa: buhu 40 ne a ƙasa, mai shuɗi ne kaɗai ke da sauran buhu 40, saboda haka nasa ne. Ta haka buhunan mai shuɗi da aka sayar da tsada ranar Talata suka koma shafin Alhaji, buhunan Alhaji da aka sayar da araha ranar Laraba suka koma shafin mai shuɗi. Adadin buhun kowa ya cika, jimillar kuɗin mota gaba ɗaya ta yi daidai da abin da ya shigo banki da aljihu, la'adar rumfa ba ta ƙaru ba kuma ba ta ragu ba tunda a kan buhu ake yankarta. Duk wani gwaji da maigida ya saba yi kafin ya sa hannu, lissafin ya tsallake shi. Masu ilimin akanta sun san wannan nau'in kuskure, wanda ake rubuta adadi na gaskiya a shafin wanda ba shi ne mai shi ba, kuma sun san cewa haɗa jimilla ba ta taɓa tona shi, domin abin da ya ragu a nan shi ne ya ƙaru a can.

Yadda ya gane, da abin da ya yi kafin ya buɗe baki

Talatar da ta zagayo, wata Bayarbiya mai sari zuwa kasuwar Oyingbo, wadda ita ce ta ɗauki mafi yawan waɗancan buhuna arba'in, ta dawo tana tambaya ko an sake kawo irin albasar nan mai shuɗin fenti, domin ta ce ba ta samu ruɓaɓɓiya ko ɗaya a ciki ba. Malamin ya ce mata ai ja ta saya. Ta ce a'a, ta zaro waya ta nuna masa hoton da ta ɗauka ranar ta tura wa direban da zai kwashe mata kayan, ga shuɗin fenti ɓaro-ɓaro, ga kwanan wata a saman saƙon.

A nan take ya yi lissafi a ka: an sayar mata a kan 52,000, na Laraba kuwa 43,000, bambanci 9,000, sau arba'in ya zama 360,000. Bai ruga wurin maigida da wannan adadi ba, kuma a ganina wannan shi ne matakin farko da ya yi daidai. Wanda zai kai rahoton kuskurensa yana tsakanin haɗari biyu, ko dai ya yi jinkiri har labarin ya fito ta bakin wani, ko kuma ya yi gaggawa ya faɗi adadin da gobe zai dawo ya canza, alhali mutumin da aka ce masa an yi kuskure sau ɗaya ba zai saurari gyaran gyara da kunnen da ya saurari na farko ba. Malamin ya ba kansa zuwa La'asar. Ya kira yaron rumfa gefe ya tambaye shi yadda aka jera kaya ranar Talata, ba tare da ya gaya masa dalili ba, domin kada tsoro ya sa yaron ya gyara labarin. Yaron ya ba shi labarin mayar da ja inuwa. Malamin ya buga wa mutumin da ya kwashi ragowar kayan ranar Laraba, wanda ya tabbatar masa cewa ja ne ya saya, har ma akwai buhunan da ya zazzage a shagonsa idan ana son gani. Sannan ya koma kan saƙonnin banki na ranar Talata ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne ya ga cewa lissafinsa na ka bai yi daidai ba. Matar buhu 30 ta ɗauka a kan 52,000, wato naira 1,560,000. Sauran goman wani mai gidan abinci ne ya saya bayan an yi masa ragi zuwa 50,000, wato naira 500,000. Buhu arba'in na Talata sun tashi 2,060,000 ke nan, na Laraba kuwa 1,720,000, bambancin gaskiya shi ne naira 340,000. Takardar da aka tura wa mai shuɗi ta nuna buhu 20 na Litinin a kan 53,000, wato 1,060,000, haɗe da 1,720,000, aka cire 480,000 na ɗawainiya, aka tura masa 2,300,000. Abin da ya kamata ya samu shi ne 2,640,000. Kafin ya tashi, malamin ya sake bin shafin mai baƙin fenti, ya kuma duba lissafin wata motar da aka sauke a makon nan don ya ga ko irin wannan ta faru a can. Bai ga komai ba, amma ya rubuta a gefen takardarsa cewa motar ta biyu littafi kawai ya duba, bai tuntuɓi masu saye ba.

Hanyar da bai bi ba

Akwai wata mafita da kusan duk wanda ya taɓa riƙe littafi zai fara tunawa da ita, kuma shi ma ya amsa daga baya cewa ta zo masa. Mutanen nan biyu dukansu suna aiko da kaya a kai a kai. Zai iya jiran mota ta gaba, ya rage wa Alhaji ɗan wani abu a farashin kowane buhu, ya ƙara wa mai shuɗi, har 340,000 ta koma inda ya dace ba tare da kowa ya ji ba. A zahiri ba a ci haƙƙin kowa ba, kuma mutuncin rumfa ya tsira.

Wannan hanya ba ta gyara komai, kuma dalilan na fili ne idan an bi su. Domin a rage wa Alhaji kuɗi a ɓoye dole a rubuta masa farashin da ba shi ne aka sayar ba, wato kuskuren da ya faru bisa rashin sani za a rufe shi da ƙarya ta ganganci a cikin littafin da amincinsa shi ne jarin rumfar. Alhaji kuma ba baƙo ne a kasuwa ba, yana da masu gaya masa farashin kowace rana, kuma ranar da ya ga takardarsa ta gaza abin da maƙwabta suka sayar, ba kuskure zai kira abin ba. Bayan haka, babu tabbacin cewa mai shuɗi zai sake aiko da kaya, domin mai ƙaramin jari da ya ga mota ta dawo masa da abin da bai kai tsammaninsa ba yana iya komawa wani dillalin ko ya haƙura da Legas gaba ɗaya. Abu mafi nauyi kuwa malamin bai ma san da shi ba sai bayan an yi waya: buhu 25 ne kacal na mai shuɗi, sauran 35 na wasu manoma huɗu ne na garinsu da suka ba shi amana, kuma ya riga ya raba musu kuɗi a kan kusan naira 38,300 kowane buhu, alhali haƙƙinsu 44,000 ne. Da an ƙara masa kuɗi a ɓoye a mota ta gaba, da ya ɗauka ribar sabon kaya ce, da kuma manoman nan ba su taɓa ganin nasu ba. Kuɗin zai koma hannun da ya dace a littafin Legas, amma ba zai isa ga masu shi na gaskiya a Kebbi ba.

Rahoton

Malamin bai kira masu kaya da kansa ba. Maigida ne suka ba amana, shi ya sa hannu a lissafin, kuma shi ne zai yanke yadda za a biya, saboda haka shi ya kamata ya fara ji. Bayan La'asar, da jama'a suka ragu, malamin ya shiga da littafi da takarda guda, ya durƙusa ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, akwai kuskure a lissafin motar Aliero da muka rufe ranar Alhamis, kuma ni na yi shi. Na rubuta buhu arba'in na mai shuɗi a shafin Alhaji mai ja, na kuma rubuta arba'in na Alhajin a shafin mai shuɗi. Saboda haka mun tura wa mai shuɗi kuɗinsa da ragin dubu ɗari uku da arba'in, mun tura wa Alhaji da ƙarin hakan. Ga hoton mai saye, ga saƙonnin banki, ga lambar wanda ya ɗauki kayan Laraba. Shafin mai baƙi lafiya yake. Motar da ta biyo baya na duba littafinta ban ga komai ba, amma ban tambayi masu saye ba tukuna."

Yana da kyau a lura da yadda ya tsara maganar. Ya fara da abin da ya faru da wanda ya yi shi, ya faɗi adadi da wanda abin ya cutar, ya ajiye hujja, ya kuma raba abin da ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba. Bai fara da doguwar shimfiɗa game da yawan aikin ranar Talata ba, bai kuma ce "an samu matsala" ba, irin maganar da ke barin mai sauraro yana laluben wanda ya jawo ta. Batun yaron rumfa bai ɓoye shi ba, amma sai da maigida ya tambayi yadda abin ya faru sannan ya faɗa, kuma ya ce yaron ya canza jeri bai sanar ba, shi kuwa ya rubuta abin da idonsa bai gani ba. Wannan rabon laifi gaskiya ne. Ɗaukar laifin gaba ɗaya don a rufa wa yaro asiri zai zama karamci, amma zai hana maigida ganin ɗaya daga cikin ƙofofi biyun da kuskuren ya shigo ta cikinsu.

Maigida ya yi faɗa, kamar yadda kowa zai yi tsammani. Ya ce shekara nawa yana cin arziki da Alhaji mai ja, yanzu da wane baki zai ce masa ya dawo da kuɗi, ya kuma ce za a cire a albashin malamin. Malamin bai yi musu ba, sai dai ya ce: "Duk hukuncin da ka yanke a kaina na karɓa, Alhaji, amma ina roƙon a fara biyan mai shuɗi yau, domin shi ne wanda kuɗinsa ke hannun wani." Maigida ya yi shiru na ɗan lokaci, ya karɓi takardar ya sake bin alƙaluman da kansa, sannan ya ce a ba shi waya.

Biyan wanda aka tauye, da neman abin da ya wuce

Tsarin da maigida ya bi shi ne na raba matsalar gida biyu. Haƙƙin mai shuɗi yana wuyan rumfa, ko Alhaji ya dawo da kuɗi ko bai dawo da su ba, domin rumfa ce ta karɓi kayansa ta sayar. Saboda haka a daren nan aka tura masa naira 340,000 daga kuɗin rumfa, maigida ya kira shi ya ce: "Malam, mun yi maka kuskure a lissafi, kayanka sun fi abin da muka turo maka daraja, ga cikon nan ya shigo, sabuwar takarda kuma tana tafe." A cikin wannan wayar ne mutumin ya ambaci manoman huɗu. Malamin lissafi ya sake fitar masa da takarda mai nuna ranar da aka sayar da kowane kashi da farashinsa, da abin da kowane buhu ya tashi bayan cire ɗawainiya, domin ya samu abin nuna wa mutanensa idan sun tambayi dalilin da ya sa kuɗi suka zo kashi biyu. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin a ƙauye wanda ya dawo da ciko bayan mako guda ba tare da takarda ba ana iya cewa da ma ya ɓoye ne asirinsa ya kusa tonuwa.

Ɓangaren Alhaji mai ja shi ne mai wuya. Banki ba ya janye kuɗin da suka riga suka shiga asusun mutum don kawai wanda ya tura ya ce ya yi kuskure, sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu, kuma babu wanda ya yi tunanin kai abokin ciniki na shekaru kotu a kan wannan adadi. Abin da ya rage shi ne magana. Alhajin ya fara da cewa an rufe lissafi kuma ya riga ya zuba kuɗin a sabon kaya, ya kuma tambaya, cikin ladabi amma da nufi, ta yaya zai san cewa ba faɗuwar kasuwar Laraba ake neman ɗora masa ba. Tambayar tana kan hanya, kuma ita ce ta nuna amfanin aikin da malamin ya yi kafin La'asar. Aka tura masa hoton matar, aka ba shi lambar wanda ya sayi kayan Laraba ya kira da kansa, aka kuma nuna masa shaidar cewa rumfa ta riga ta biya mai shuɗi daga aljihunta, wato ba ta da abin da za ta ci a cikin maganar. Ɗan rakiyar da ya biyo motar, wanda yaron Alhajin ne, shi ma ya tuna cewa da ya zo sallama da yammacin Talata ya ga jan buhuna jibge a inuwa. Bayan kwana biyu Alhajin ya amince a cire kuɗin kashi biyu, naira 170,000 a kowace mota daga cikin biyun da zai aiko nan gaba.

Game da albashin malamin, maigida ya sauko daga maganarsa ta farko bayan ya shawarci wani malamin fiƙihu da ke zaune a kasuwar. Ƙa'idar da aka sani ita ce, wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Ana iya cewa rubuta kaya ba tare da an gani ba sakaci ne, kuma malamin da kansa bai musa ba. Sai dai kuɗin ba su salwanta ba, an san inda suke, kuma wanda suke hannunsa ya amsa zai mayar. Ni ina ganin akwai wani dalilin ma da ya shafi rumfar kanta: mutum uku ne ke aiki a ƙarƙashin maigidan, dukansu sun ga abin da ya faru, kuma da an yanke albashin wanda ya kawo rahoto da ƙafarsa, da kowannensu ya koyi cewa hanyar gyara a ɓoye ta fi arha. Abin da aka tsayar shi ne, idan har Alhajin ya kasa cikawa, za a sake zama a kan maganar.

Gyaran littafi

Ba a yaga shafin ba, ba a kuma goge da farin ruwan gyara ba, ko da yake yaron rumfa ya kawo shawarar a sake kwafe shafin da tsabta. An ja layi ɗaya siriri a kan kowane ɗaya daga cikin rubutun biyu yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, aka rubuta a gefe cewa a duba shafi kaza. A sabon shafin aka sa kwanan ranar da aka yi gyaran, ba na ranar ciniki ba, aka rubuta abin da aka rubuta da farko, da abin da ya kamata, da bambancin, da hujjojin da aka dogara da su, malamin da maigida suka sa hannu. Aka buɗe wa Alhaji mai ja layin bashi na naira 340,000. Dalilin barin tsohon rubutu a bayyane shi ne, takardun farko suna hannun masu kaya, kuma duk ranar da wani ya kawo tasa aka ga ba ta dace da littafin da aka wanke tas ba, littafin ne za a tuhuma. Washegari malamin ya cika abin da ya ce bai tabbatar ba, ya kira manyan masu saye uku na motar ta biyu, suka tabbatar da fentin kayan da suka ɗauka, ya koma ya gaya wa maigida cewa wannan ɓangaren ya rufu.

Canji biyu aka yi a tsarin aiki. Na farko, ba a ƙara rubuta ciniki da sunan layi. Yaron rumfa zai faɗi fenti da adadi, kuma a rubuta fentin a rasit ɗin mai saye. Na biyu, kowace yamma kafin a tashi ana ƙirga abin da ya rage a ƙasa fenti-fenti, a gwada da abin da littafi ya ce ya rage. Da ana yin haka tun farko, da yammacin Talata littafi zai ce shuɗi 40, ƙasa kuma ta ce ja 40, a kama kuskuren kwana biyu kafin a tura wa kowa sisi. Wannan ƙirga tana da iyaka: tana kama musayar buhu tsakanin masu kaya matuƙar akwai sauran kaya a ƙasa, amma idan mota ta ƙare a yini ɗaya babu ragowar da za a gwada, rasit ne kaɗai abin dogaro, haka nan ba ta kama kuskuren farashi, wanda sai an bi saƙonnin banki ake gano shi.

Mai shuɗi ya ci gaba da aiko da kaya, har biyu daga cikin manoman nan suka fara sa nasu fentin dabam. Alhaji mai ja ya aiko da mota ɗaya aka cire naira 170,000 kamar yadda aka yi alkawari, amma motarsa ta gaba wata rumfar ya kai, bai kuma faɗi dalili ba. Har zuwa lokacin da aka tattara wannan bayani ragowar naira 170,000 tana nan a layin bashinsa, maigida ya ce ba zai matsa masa ba kafin kakar albasa ta gaba, kuma ba a sake tayar da maganar albashin malamin ba.